Matsalar Linjilolin Sinoftik: Takardar Darasi ta Mako na Uku, Aji Biyu

Ɗalibaina, kafin ku karanta gaba, ku buɗe wurare uku: Markus 2:10-11, Matiyu 9:6 da Luka 5:24. Labarin shanyayyen da aka kawo wa Yesu ne. Yesu yana cikin magana da malaman Attaura, sai marubuci ya katse jimlar, ya saka 'yar sanarwa cewa yanzu da shanyayyen yake magana, sannan ya ci gaba. Duka ukun sun katse a wuri guda. Shaidu uku na iya tuna abin da aka faɗa, amma da wuya a ce kowa ya yanke jimla a daidai gaɓar da ɗan'uwansa ya yanke. Ga shi kuma Yesu da Aramaik yake magana, su kuwa da Helenanci suka rubuta. Duk malamin da ya taɓa duba jarrabawa ya san abin da wannan ke nunawa: wani ya ga rubutun wani.

Matsalar ke nan. Matiyu, Markus da Luka sun yi kama a kalmomi da jerin labarai, sun kuma sha bamban a wurare da yawa. Sunan sinoftik daga Helenanci yake, ma'anarsa gani tare, kuma ya bazu ne bayan masani Bajamushe Griesbach ya jera su kafaɗa da kafaɗa a 1776. Linjilar Yahaya kuwa hanyarta daban. Kada kalmar "matsala" ta tayar wa kowa hankali, tambaya ce ta tarihin rubutu. Luka da kansa ya faɗa a farkon littafinsa cewa mutane da yawa sun riga shi rubutawa.

Markus yana da ayoyi wajen 661, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa yana cikin Matiyu, fiye da rabi yana cikin Luka. Agustin, babban malamin Ikilisiya na dā, ya ɗauka Markus taƙaita Matiyu ya yi, an daɗe kuwa a kan haka. Amma ku ƙirga labarin 'yar Yayirus: aya 23 a Markus 5, aya 9 kacal a Matiyu 9. Wane mai taƙaitawa ne zai tsawaita labari, sannan ya watsar da Huɗubar kan Dutse da labarin haihuwar Yesu? Ku duba kuma Markus 6:5, inda aka ce Yesu bai iya yin mu'ujiza a garinsu ba, da Matiyu 13:58, inda aka ce bai yi da yawa ba. Sassauta magana mai nauyi ya fi sauƙin fahimta a kan tsananta ta. Hujjar da ta fi burge ni tana Matiyu 14. A aya ta 1 ya kira Hirudus da muƙaminsa na ainihi, mai mulkin yanki, amma a aya ta 9 sai ga "sarki", yadda Markus ke kiransa tun farko. Kamar mai kwafi ne ya fara gyara, hannunsa ya gaji, ya koma bin abin da ke gabansa. Saboda irin waɗannan, yawancin masana sun yarda Markus ne ya fara.

Inda ake kai ruwa rana shi ne ayoyi sama da 200 da Matiyu da Luka suka yi tarayya a kai, babu su a Markus, galibinsu koyarwa ce. Wa'azin Yahaya Mai Baftisma a Matiyu 3:7-10 da Luka 3:7-9 kusan kalma da kalma ne. Masana Jamusawa Weisse a 1838 da Holtzmann a 1863 suka kafa ra'ayin tushe biyu: Markus, da wani kundin maganganu da ya ɓace, wanda ake kira Q, harafin farko na kalmar Jamusanci mai nufin tushe. Streeter a 1924 ya ƙara M da L, wato abin da Matiyu da Luka kowa ya keɓanta da shi.

Ku riƙe wannan da kyau: babu wanda ya taɓa ganin kwafin Q, hasashe ne na ilimi. Farrer a 1955, da Goodacre daga baya, sun ce Luka ya karanta Matiyu, don haka ba a bukatar Q. Hujjarsu tana da ƙarfi. A Matiyu 26:68 da Luka 22:64 masu dukan Yesu sun tambaye shi wa ya buge shi, tambayar da babu ita a Markus 14:65. In Matiyu da Luka ba su san juna ba, ina suka samo ta tare? Masu Q su ma suna tambaya: in Luka ya ga Huɗubar kan Dutse a dunƙule, me ya sa ya warwatsa ta? Akwai kuma tsirarun da ke bin Griesbach, cewa Markus ne ya zo ƙarshe, ra'ayin da Farmer ya farfaɗo da shi a 1964.

Ni na gamsu Markus ne na farko, amma kan Q ƙofata a buɗe take, kuma ba zan rage makin kowa don ya saɓa mini ba, muddin ya kawo aya. Ranar Talata ku zo da labarin baftismar Yesu daga linjilolin uku a jere kan takarda ɗaya. Ku ja jan layi inda uku suka dace, shuɗi inda Matiyu da Luka kaɗai suka dace.