Ziyarar Ɗalibanmu Yankari: Muryar da Za Ta Raka Hotuna

(Hoto: motar makaranta da asuba)

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Hotunan da za ku gani an ɗauke su ne a ziyarar da ɗalibanmu na aji shida suka kai Gandun Dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alƙaleri. Mun bar garin Bauchi bayan sallar asuba, muka bi hanyar Gombe, muka karya a Dindima.

(Hoto: ƙofar shiga ta Mainamaji)

Daga wannan ƙofa dajin ya fara. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi da shi a 2006.

(Hotuna uku: ruwan Wikki)

Wannan shi ne Wikki, ruwan da yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, wajen digiri 31 a ma'aunin zafi, rani da damina. Ku dubi ƙafafun yaran nan a cikinsa. Ruwan garai-garai yake, har ana iya ƙirga yatsunsu a kan farin yashin da ke ƙasa. Gwaggon birin da ke gefen hoton kuwa ledar burodi yake hari, shi ya sa aka gargaɗe mu tun da farko cewa kada kowa ya riƙe abinci a fili.

(Hoto: sawun giwa a laka. A bar shi ya daɗe.)

A kan wannan hoto nake roƙon ku tsaya. Mun yi kusan awa biyu muna zagaya bakin kogin Gaji, inda dabbobi suke taruwa da rani domin ruwan sauran wurare ya ƙafe, mun ga gwanki, mun ga ɓauna daga nesa, amma giwa ba ta fito ba. Abin da muka samu shi ne wannan sawu. Ƙaramin hannun da ke cikinsa na wata ɗalibarmu ne, wadda ta durƙusa ta auna, ta ɗago ta ce wa jagoranmu, "Baba, ina suka tafi?" Ya amsa mata da cewa suna nan cikin daji, sai dai yawansu ya ragu saboda masu farautar haure, kuma idan suka fita suka shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, manomi ne yake kwana da asarar amfanin shekara guda. Na ji daɗi ƙwarai da bai ɓoye wa yaran ko ɗaya daga cikin biyun ba, domin garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, kuma maƙwabtansa mutanenmu ne.

(Hoto na ƙarshe: cikin mota da yamma)

A nan muna hanyar komowa, rabinsu sun yi barci. Littafin da ke buɗe a cinyar yarinyar can, zanen sawun ne a cikinsa, ta rubuta a ƙasa cewa tafin hannunta huɗu ne faɗinsa.