Ganye daga lambunmu na hanyar Ejisu, sari ga gidajen abinci a Kumasi

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi. Wannan bidiyo na safiyar yau ne, bayan sallar asuba muka ɗauke shi a lambunmu da ke hanyar Ejisu. Ku kalla har ƙarshe, musamman Hajiyoyinmu masu shinkafa da wake, iyayenmu masu tuwon zafi, masu otal, da masu girkin biki da suna.

Wanda kuke gani a durƙushe da wuƙa cikin kabeji, Baba ne, lambun nasa ne, mu 'ya'yansa hannu muke sa masa. Ku lura da yadda yake danna kan kabejin da tafin hannu kafin ya yanka. Idan ya ji taushi sai ya wuce, bai ƙosa ba, a bar shi ya ƙara kwana. Wanda ya yi tauri, ya naɗe tam, shi ake yankewa. Irin Oxylus ne, ya yi kusan wata uku a ƙasa, kuma sanyin daren hunturun nan ya karɓe shi sosai. Yawanci kai ɗaya yana kaiwa kilo biyu. Muna bar masa ganye biyu ko uku na waje don kada ya ƙuje a hanya, amma ba ma sa nauyinsu a lissafi.

Bayan shi sai latas, fangali 36 ne suka isa cira a wannan mako. A nan nake roƙon ku tsaya ku saurare ni, domin latas ɗanye ake cinsa. Ba ya ganin wuta. Yadda ya fito daga lambu, haka za a yanka shi a ɗora wa mutum a kan shinkafarsa, ya ci, ya ba ɗansa. Kowa a garin nan ya san akwai ganyen da ake shayarwa da ruwan rafin da kwatar unguwa ke zuba a ciki, kuma wanda ya saya a kasuwa ba shi da hanyar ganewa, tunda ganyen ya yi kore shar. Ba na zagin kowa, da yawansu ba su da wani ruwan ne. Amma mai gidan abinci, idan cikin baƙonki ya ɓaci, ba zai tambayi wane lambu ba ne, sunanki zai kira. Shi ya sa na sa ƙanena ya juya kyamara ya nuna muku rijiyar burtsatsen da tankin da ke kan tudu. Daga nan ruwan yake bin fayif zuwa kowane fangali, kuma da shi muke ɗauraye kaya kafin a jera a kwando. Duk wanda yake so ya gani da idonsa, bismilla, ƙofa a buɗe take kowace rana in ban da Juma'a da rana.

Taki kuma kashin kaji ne daga gonakin kaji na kusa da mu. Ba ma watsa ɗanyensa a kan ganyen da ke tsaye. Tara shi muke yi ya ruɓe, ya huce, sannan a gauraya da ƙasa tun kafin dashe. Tsutsar kabeji ita ce babbar abokiyar gabarmu. Da ruwan 'ya'yan darbejiya muke fara yaƙarta, idan ta fi ƙarfinsa muka yi feshin magani, to kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sai sun cika kafin wuƙa ta taɓa wannan fangalin. Baba ba ya sassauci a kan wannan ko da mai saye yana tsaye da kuɗi a hannu. Duk da haka ku ma ku wanke, ganye ɗaya-ɗaya, da ruwa mai tsabta da ɗan binega, domin ƙura ba ta barin kowa a wannan lokaci.

Sauran kayan da suka wuce a bidiyon da sauri: kokwamba, koren tattasai, albasa mai lawashi, kuɓewa 'yar ƙanana wadda ba ta yi ƙashi ba, gauta fara, da attaruhu. Masu tuwon zafi, ayoyonku yana nan, ga alayyafo, duk yankan safe. Ayoyon da aka yanka yau daban yake da wanda ya kwana biyu a buhu, Hajiya ta fi ni sani, a yauƙin miya ake ganewa.

Tumatir da albasa mai ƙwallo ba ma noma su, kada in ce muku muna da su. Tumatirin rani yawanci daga Burkina Faso yake shigowa, na damina daga wajen Akumadan da Tuobodom, albasa kuma daga Nijar da Bawku. Waɗannan ku ci gaba da saya a wurin mutanenku na kasuwa. Karas ɗinmu sai nan da sati uku in Allah ya yarda.

Ga yadda muke aiki. Ba ma yanka kaya mu ajiye muna jiran mai saye. Abin da kuka faɗa mana kafin ƙarfe 8 na dare, shi muke cirewa da asuba, tun raɓa ba ta bushe ba. Iskar hunturu tana shanye latas cikin sa'o'i kaɗan, don haka muna rufe kwanduna da jiƙaƙƙen buhu, aboboya ta tashi daga lambu wajen ƙarfe 6 da rabi kafin hanya ta cushe a Oforikrom. Litinin, Laraba da Asabar muna bi ta Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar har Tafo Zango. Talata da Alhamis kuma ɓangaren Asokwa, Ahodwo, Adum da Bantama. Masu girki a kusa da jami'ar KNUST kan hanyarmu kuke, ku ake fara sauke wa.

Sari muke sayarwa. Mafi ƙanƙanta shi ne kwando biyu na latas, ko buhu ɗaya na kabeji, ko ku haɗa kaya iri-iri su kai kilo 20. Masu otal da suka fi son awo, akwai sikeli a kan aboboyar, a gabanku za a auna. Wadda ta saba sayen fangali sukutum kamar yadda iyayenmu 'yan kasuwa suke yi, ita ma ta zo ta zaɓi nata da kanta. Farashi muna tura shi kowace Litinin da safe, kuma abin da muka faɗa ranar Litinin shi ne har Asabar, ko kasuwar Kejetia ta hau a tsakiyar mako. Mai girki yana bukatar ya san abin da zai kashe kafin ya yanka wa farantinsa kuɗi.

Biya a hannu ko ta Momo idan kaya sun iso kun duba. Wanda muka yi wata guda muna hulɗa, za mu iya haɗa masa lissafi duk ƙarshen mako. Idan kun buɗe kwando kuka tarar da abin da bai yi muku ba, ku ɗauki hoto ku turo a ranar, mu musanya a zuwa na gaba, babu ja-in-ja.

Disamba ta kama, bukukuwa sun yi yawa, ga Kirsimeti da sabuwar shekara a gaba, kuma fangalin da muke da su ƙidayayyu ne. Gidajen abinci takwas kawai za mu iya ƙarawa a kan waɗanda muke kai wa yanzu, don ba ma so mu yi alkawarin da ƙasa ba za ta cika ba. Masu girkin biki, ku sanar da mu da kwana biyar a gaba don mu ware muku.

Ku turo saƙo ta akwatin wannan shafi, ko ku danna alamar WhatsApp da ke sama. Ku rubuta unguwarku, irin kayan da kuke so, yawansu, da ranakun da kuke girki. Ana jin Hausa, Tuwi da Turanci. Wanda ya san wata Hajiya mai sayar da abinci da ba ta hawa nan, don Allah ya nuna mata bidiyon. Aboboyar Laraba tana da sauran wurin kwando shida.