Mu Karanta, Mu Amsa: Gajerun Labarai Uku na 'Yan Aji 4

Ga malamin aji: Waɗannan labarai na yaran da suke aji 4 ne amma har yanzu suna haɗa baƙi kamar 'yan aji 2. Jimlolin gajeru ne, sai dai na 2 da na 3 ba zancen ƙananan yara ba ne, don ɗan shekara 10 yana jin kunya idan aka miƙa masa littafin ƙaninsa. Ka fara karantawa da ƙarfi sau biyu, yaro yana bi da yatsa, sannan ya karanta da kansa. Idan ya tsaya a kan ƙ ko ɗ, ba shi lokaci kafin ka faɗa masa. Ya amsa da baki tukuna, rubutu ya biyo baya. Labari ɗaya ya isa a rana.

Labari na 1: Akuyar Ladi

Ladi tana da akuya. Sunanta Ƙyalla. Kullum da safe Ladi tana ba ta dusa da ruwa. Ran Talata Ladi ta manta ba ta ɗaure ta ba. Ƙyalla ta shiga gonar Malam Bala. Ta cinye masa ganyen wake. Malam Bala ya kamo ta, ya kawo ta gida. Inna ta ba shi haƙuri. Ladi ta ɗaure Ƙyalla a turke.

1. Mene ne sunan akuyar?
2. Me Ladi take ba ta da safe?
3. Me ya sa Inna ta ba Malam Bala haƙuri?

Labari na 2: Marinar Ƙofar Mata

A birnin Kano akwai marina a Ƙofar Mata. Tsohuwar marina ce ƙwarai. Akwai ramuka masu zurfi a wurin. Marina suna zuba ruwa a rami. Suna sa baba da toka da kanwa. Sai su bar shi ya yi kwanaki ya jiƙa. Marini yana tsoma farin zane, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa. A hankali zanen ya zama shuɗi. Idan ya bushe sai a kai wa mabuga. Su buga shi da itace har ya yi sheƙi.

1. A wane gari marinar take?
2. Faɗi abubuwa uku da ake sawa a ruwan rini.
3. Wane launi zanen yake komawa?
4. Wanne ake fara yi: bugu ko rini?

Labari na 3: Sani Ya Je Argungu

Sani ya bi kawunsa zuwa Argungu, a Jihar Kebbi. Sun je kallon bikin kamun kifi. Mutane sun cika bakin kogin Matan Fada. Kowane masunci yana riƙe da homa da babbar gora.

Sani ya ce, "Kawu, gorar nan ta mece ce?"

Kawu ya ce, "A kanta suke hawa su yi iyo. A cikinta kuma suke zuba kifi."

Can sai aka harba bindiga. Masunta suka ruga, suka faɗa ruwa. Makaɗa suna kiɗa a cikin kwalekwale. Wani dattijo ya kamo giwan ruwa. Sai da mutum biyu suka kama masa kafin ya fito da shi. Aka ɗora kifin a sikeli. Nasa ya fi na kowa nauyi, shi ya zo na ɗaya.

Sani ya ce, "Kawu, yaushe aka fara wannan biki?"

Kawu ya ce, "A 1934, lokacin da Sarkin Musulmi ya ziyarci Argungu. Ko kakanka ba a haifa ba."

1. Da wa Sani ya tafi?
2. Faɗi amfani biyu na gora.
3. Me ya nuna wa masunta lokacin shiga ruwa ya yi?
4. Ta yaya muka san kifin dattijon babba ne?
5. Da kai ne Sani, me za ka fara ba ƙaninka labari idan ka koma gida?

Amsoshi, don malami kaɗai

Na 1: Ƙyalla, dusa da ruwa, don akuyarsu ta yi masa ɓarna a gona. Na 2: Kano, baba, toka, kanwa, shuɗi, rini. Na 3: kawunsa, iyo da zuba kifi, ƙarar bindiga, mutum biyu suka kama masa, kuma ya fi na kowa nauyi. Tambaya ta 5 kowace amsa daidai ce muddin daga labarin ta fito. Wanda ya kasa amsa tambayoyi biyu a labari ɗaya, ya maimaita labarin washegari kafin ya wuce na gaba.