Naira 190,000 da na mayar muku ranar 6 ga Maris: har yau ba rasit

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Akanta,

Barka da aiki, an yi sallah lafiya? Allah Ya maimaita mana.

Ni ce Hauwa, wadda ta fassara muku littafin horar da manoma cikin watan Fabrairu. Kuɗin aikin naira 200,000 ne, kuka cire harajin kashi 5 cikin ɗari, kuka turo mini 190,000 ranar Litinin 3 ga Maris. Ranar Laraba ina kasuwar Kantin Kwari sai na ji alat, ko da na duba, wata 190,000 ɗin ce daga asusunku. Nan take na kira jami'in da ya ba ni aikin, ya ce kuskure ne, sau biyu aka sa sunana a jerin biya. Shi ya turo mini lambar asusun ofishinku, washegari Alhamis da ƙarfe 10:42 na safe na mayar da kuɗin cif, ko cajin tiransifa ban cire ba.

Daga ranar shiru kake ji. Na aiko imel ranar 7, na sake aikowa ranar 20. Na yi muku uzurin azumi da hidimar sallah, amma yau 14 ga Afrilu, an doshi kwana arba'in. Na je bankina da kaina, suka tabbatar mini kuɗin ya fita, bai kuma dawo ba. Na haɗo rasit ɗin banki mai ɗauke da Session ID, wanda ya ƙare da 4471, tare da bayanan asusuna na watan Maris. Sunana da kalmar REFUND na rubuta a wurin bayani, ko zai taimaka wajen nema.

Abin da ya sa na matsa shi ne, akwai takardar neman biya ta biyu da na miƙo makon jiya, ta naira 120,000. Muddin littafinku na nuna ana bi na 190,000, tsorona kada a riƙe wannan a ce an rage bashi, ko mai binciken kuɗi ya zo ƙarshen shekara ya tarar da sunana cikin waɗanda suka karɓi biya biyu suka yi gum. Mai aikin kansa ba shi da jarin da ya wuce sunansa.

Don Allah a duba asusun, a aiko mini rasit ko layi biyu a rubuce cewa kuɗin ya shigo kuma ba a bi na komai. A duba mini harajin ma, kada a ce an rubuta 10,000 sau biyu a kan aiki ɗaya. Zan so in ji daga gare ku kafin Juma'a 18 ga wata. In kuma kun fi son ganin takardun ido da ido, ina nan Kano, sai in kawo su ofis ranar Laraba da safe.

Na gode, a huta lafiya.

Hauwa
Mai fassara, Kano