Jawabin Babban Abokin Ango a Walimar Auren Bashir da Hauwa'u

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, malamai, Baffa Alhaji Garba da ya ba mu aure ɗazu da hantsi, Hajiya Inna kakar amarya, dangin ango da suka taso tun daga Gwale, mutanen Ƙofar Doka da suka karɓe mu hannu bibbiyu, ƙawayen amarya da suka gama tatse mu a wajen kamu, ina gaishe ku da gaisuwar girma. Sunana Nura, ni aka ɗora wa nauyin zama babban abokin ango.

Takardar nan da kuke gani a hannuna ta biyu ce. Ta farkon da Turanci na rubuta ta, shafi uku cif, na yi mako biyu ina goge ta ina ƙara mata ado. Da na je gaida Hajiya Inna ranar sa lalle, ta tambaye ni me zan yi a wajen dina. Na gaya mata sunan da Turawa ke kiran irin wannan jawabi da ake rufewa da ɗaga kofi, na kuma yi gangancin bayyana mata cewa sunan ɗaya ne da na gasasshen burodi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Nura, in burodi za ka raba mana, ka zo da shayi. In kuma magana za ka yi a kan jikata, ka yi ta da harshen da zan san inda zan ce amin." Shi ya sa na koma gida na sake zama.

Da na fara juyowa sai na ga kayan ba su shiga akwati ɗaya. Kalma guda da na maimaita sau tara a Turancin, da ta iso Hausa sai ta rabu uku: so, ƙauna, tausayi. Dole na tsaya a kowane wuri in tambayi kaina wanne nake nufi. Inda na rubuta ina musu fatan farin ciki, Hausa ta ce wannan ai fatan yini ɗaya ne, albarka ake roƙo. Barkwanci biyu kuma sun mutu a hanya, Allah ya ji ƙansu, ba su da magaji.

Na san Bashir tun 2011, a Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru, ɗaki ɗaya muka zauna. Bakano ne na gaske: ko gishiri ka aike shi saye sai ya dawo maka da labarin inda ya fi araha. Yau ga shi ya zo Zazzau neman abin da ba a tayawa, kuma na ga da idona, bai nemi ragi ba. Mutanen Zazzau, ku rubuta wannan ku ajiye, ba kullum ake samu ba. Mu kuma Kanawa mun ji kuna cewa bayinku sun zo. Mun ji, ba mu musa ba, yau dai a gidanku muke, kuma amarya na hannunku.

Amma ba wannan ya sa na tsaya a nan ba.

A damunar 2021 motar da na shiga daga Kano ta ƙwace kusa da Kwanar Dangora. Na farka a gadon asibiti a nan Zariya, ƙafata ta hagu a karye wuri biyu. Mahaifiyata ba ta da ƙarfin jinya, ƙannena ƙanana ne. Bashir ya ɗauki hutun da yake tarawa, ya zo da tabarma da buta da ƙaramar jaka. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ƙasan gadona. Shi ke bin layin magani, shi ke neman mai ba da jini, shi ke tallafa ni zuwa inda ba zan faɗa a gaban iyaye ba. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. Minshari dai ya yi, wannan kam amarya ki shirya.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo mai yawan fara'a, Malam Idi, Allah ya gafarta masa. Kullum bayan sallar asuba wata yarinya takan shigo da kwando, ta goge masa fuska, ta ba shi kunu cokali-cokali, ta zauna tana karanta masa abin da ya sauƙaƙa har barci ya ɗauke shi. Da ƙarfe takwas ta wuce wajen aiki, da la'asar ta dawo. Ba jan baki, ba gazal, hijabi ɗaya ruwan toka da na tabbata ta gaji da shi. Rana ta huɗu ta lura Bashir gurasa da ruwa kawai yake ci, washegari sai ga kwano biyu a kwandon. Ba ta ce masa komai ba. Ta ajiye ta ce, "Baba ya ce a ba ku." Malam Idi kuwa da muka yi masa godiya sai ya yi dariya ya ce shi bai san zancen ba.

Daga ranar Bashir ya fara wanke rigarsa kullum. Ni da ƙafa a rataye, ba abin da nake yi sai kallo, kuma labarin zuciya a tambayi fuska.

Mutane da yawa sukan fara ganin juna a inda kowa ya ci ado, sai bayan aure su ga fuskar gajiya. Waɗannan biyun ta ƙarshe suka faro. Ta gan shi da jan ido da ƙurar tabarma a gefen kai, ya gan ta tana share hawaye a bakin ƙofa kafin ta shiga ta yi wa mahaifinta murmushi. A Turancin na rubuta dogon sakin layi ina neman sunan wannan abu, ban samu ba. Da na zo Hausa sai na tarar yana jirana a bakin kowace tsohuwa: zama. Mu ba mu cewa an tafi aure yawo, cewa muke zaman aure. A ce Allah ya ba da zaman lafiya, a ce Allah ya sa gidan zamanki ne. Ni shaida ne, na kwana goma sha ɗaya, cewa su biyun nan sun iya zama kusa da mutum a lokacin da zaman ba daɗi.

Malam Idi bai ga wannan rana ba, ya rasu a shekarar da ta biyo. Amma kafin a sallame ni ya kira Bashir ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaro, wanda ya yi wa aboki haka, ban san me zai yi wa iyali ba." Baffa, kai ka cika abin da ɗan'uwanka ya hango. Allah ya saka maka, Allah ya kai hasken wannan taro kabarinsa.

Sauran labarin kun sani. Shekara uku motar Bashir ta haddace hanyar Kano zuwa Zariya, har masu sayar da rake a hanya sun san shi da suna. Garin masoyi ba ya nisa, in ji mutane, amma ni da nake ranta masa kuɗin mai na san yana da ɗan nisa.

Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratur Rum, aya ta 21, cewa yana daga ayoyinsa ya halitta muku matan aure daga jinsinku domin ku natsu zuwa gare su, ya kuma sanya ƙauna da rahama a tsakaninku. A Baƙara, aya ta 187, ya ce su tufa ne gare ku, ku ma tufa ne gare su. Malamai na nan, ba zan yi tafsiri a gabansu ba. Abin da na sani game da tufa shi ne na kowa: tana rufe abin da ba a so a gani, tana tare sanyi, kuma in ta yage ɗinkewa ake yi a cikin ɗaki, ba a tsakiyar kasuwa ba.

Bashir, ango ka sha ƙamshi. Marainiya aka ba ka, kuma ka san hannun da ya rene ta. Ranar da ranka ya ɓaci, ka tuna kwano na biyu.

Hauwa'u, amarya ba kya laifi. Mutumin nan ba ya iya faɗin abin da ke ransa, sai dai ya gyara miki famfo ko ya cika miki tukunyar gas. In kin ga haka, magana ce yake yi, ki amsa masa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, harshe da haƙori ma sukan yi. In an saɓa kada ki kira ni, ni ɓangarenki nake tun daga kunun nan.

Yanzu mun iso inda Hajiya Inna take jira. Turancin a nan layi biyu ne kawai. Hausar ta ƙi tsayawa, don haka ku taya ni da amin.

Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair.

Allah ya sa alheri, Allah ya sa albarka.
Allah ya sa an shiga a sa'a, an zauna da daraja.
Ya ba ku haƙurin juna, ya rufa asirin juna.
Ya kaɗe fitina, ta gida da ta waje, ta baki da ta waya.
Kada bango ya tsage, balle ƙadangare ya samu wurin shiga.
Allah ya sa tukunyarku ta ciyar da baƙo, inuwarku ta isa dangi.
In kaɗan ne ya wadatar, in da yawa ne kada ya shagaltar.
Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, masu albarka, masu jin ƙai,
waɗanda za su zauna kusa da ku yadda kuka zauna kusa da namu.
Ya ba iyayen da ke raye tsawon kwana su goya, su yi wasa, su sa suna.
Waɗanda suka riga mu, ya sa suna cikin rahama.
Auren nan ya kafu kamar Dala, ya tsaya kamar Kufena.
Ku tsufa tare, furfura ta riske ku kuna dariya,
kada wani abu ya raba sai wa'adi,
in wa'adin ya zo kuma, Allah ya sake haɗa ku a Aljanna Firdausi.

Hajiya, na ji amin ɗinki ta fi ta kowa ƙarfi, ina fatan na biya bashin burodi.

To jama'a, abu ɗaya daga takardar farko da na ƙi bari a hanya shi ne ɗaga kofi. Kowa ya ɗauki abin da ke gabansa, mai zoɓo da mai kunun aya da mai ruwa, da hannun dama. Iyaye ku yi zamanku, mu yara mu ɗaga a madadinku. Domin Bashir da Hauwa'u, Allah ya ba da zaman lafiya.

Bismillah, a sha.