Kafin Ku Ninke Takardar Nan

Assalamu alaikum. Ku zauna. Monita, zo ka raba takardun gwajin lissafi na ranar Talata. Kowa ya karɓi tasa ya shimfiɗa ta a kan tebur, kada wanda ya ninke, kada wanda ya tura cikin jaka.

Na faɗi haka ne saboda abin da na gani a zangon da ya wuce. Da aka tashi, na tsinci takardu uku a bayan tagar can, an dunƙule su, iska na wasa da su. Na buɗe ɗaya, duk gyaran da na zauna bayan sallar isha'i na rubuta da hasken tocila yana nan, mai ita bai ko karanta ba. Makin da ke sama kawai ya kalla, gabansa ya faɗi, ya jefar. Ban ji haushinsa ba, tausayi ya ba ni, don ni ma na taɓa yin haka. Ina aji biyu na ɓoye wata takarda a ƙarƙashin tabarma don kada Baba ya gani. Tambayar da na faɗi ita ce ta sake fitowa a jarrabawar ƙarshen shekara, na kuma sake faɗuwa a daidai wurin.

Ɗiyana, kusan dukanku kun zauna gaban malamin allo. Idan ka rubuta allonka ka kai masa, ya ga ka tsallake wasali ko ka mance ɗigo, me yake yi? Ya nuna maka wurin da tsinken alƙalami, ka gyara, ka biya, sai ya ce ka wanke. Kun taɓa ganin almajirin da ya ɓoye allonsa don kada malam ya duba? Da wa zai yi karatun ke nan? Jan biron nan nawa aikin tsinken alƙalamin yake yi, yana cewa ga inda za ka tsaya ka sake dubawa.

To ku dubi tambaya ta 4. An ce ku tara 1/2 da 1/3. Cikin ku 52, mutum 31 sun rubuta 2/5. Kun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Yanzu ku ajiye biro, mu je Tsohuwar Kasuwa. Inna ta aike ka ka auno rabin kwano na gero, mai awo ya ƙara maka sulusin kwano a kai. Ya za a yi ka koma gida da abin da bai kai rabin kwano ba? Ai 2/5 bai kai rabi ba, tunda rabin biyar biyu da rabi ne. Amsar da kanta tana gaya maka akwai matsala. Dole sai an mayar da na ƙasa iri ɗaya tukuna: rabi ya zama 3/6, sulusi ya zama 2/6, a haɗa a samu 5/6, kwano saura kaɗan ya cika. Kuma da mutum 31 suka yi kuskure iri ɗaya, na san akwai rabona a ciki. Ban yi bayanin yadda ya kamata ba, shi ya sa yau za mu sake.

Kurakuran ba ɗaya suke ba. Wani gaggawa ce ta ci shi, ya kwafi 6 a matsayin 9. Wata ba ta karanta tambayar har ƙarshe ba. Waɗannan natsuwa kawai suke so. Wanda ya fi damuna shi ne wanda bai gane ba tun farko, ya yi shiru don kunyar abokai, ya kwafi gyara daga allo da kyakkyawan rubutu alhali bai san dalili ba. In kai ne, ka same ni a ofishin malamai lokacin tara, ko ki taho da ƙawarki in kina jin nauyin zuwa ke kaɗai. Ba duka, ba faɗa. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Kuma duk wanda na ji yana yi wa ɗan'uwansa dariya a kan maki, ni da shi ne.

Ga abin da za mu riƙa yi daga yau. Ku ware shafuka huɗu na ƙarshen littafinku. Duk inda jan biro ya taɓa, ku kwafi tambayar a can, ku rubuta da kalmominku abin da ya sa kuka kauce, ko da Hausa ne, sannan ku rufe gyarana da tafin hannu ku sake yin lissafin da kanku. Bayan kwana uku ku sake gwadawa ba tare da leƙe ba. Ranar Litinin waɗannan shafukan zan fara dubawa, kuma suna da makinsu.

Yanzu ku buɗe shafin farko, ku rubuta kwanan wata a sama. Wa zai fito allo ya gwada mana 1/2 da 1/4? Ko ka kauce ba komai, tare za mu gyara. Yauwa, zo, ga alli.