Roƙon Takardar Shaidar Asusu Domin Neman Bizar Birtaniya

Sani Abubakar Muhammad,
Unguwar Ƙurban,
Madina, Saudiyya.
Litinin, 5 ga Mayu 2025 (7 ga Zulƙi'ida 1446).

Zuwa ga Manajan Reshe,
Reshen Titin Bello,
Kano, Najeriya.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da ma'aikatanka, na rubuto ne ina roƙon banki ya ba ni takardar shaida cewa ni mai asusu ne a wannan reshe, tare da bayanin shige da ficen kuɗina, domin in haɗa su cikin takardun neman bizar ziyara ta Birtaniya.

Asusu biyu nake da su a wurinku. Na ajiyar naira, wanda lambarsa ta ƙare da 4417, na buɗe shi a 2011 tun kafin in baro gida. Na dala kuma, mai ƙarewa da 0862, na buɗe shi a 2018 lokacin da na zo hutu. Ban sa cikakkun lambobin a nan ba saboda tsaro, amma duka biyun suna kan BVN ɗaya, kuma jami'ar da ke kula da asusuna, Malama Hadiza, ta san ni ido da ido.

Shekara goma sha biyu ke nan ina Madina da iƙama, ina aikin kula da sito a wani kamfanin dabino. Albashina yana shiga banki ne a nan, kuma na riga na karɓi takardarsu. To amma abin da ke zama a wancan asusun na cefane ne da kuɗin haya. Abin da na tara a shekarun nan yana hannunku, domin duk wata nakan turo wani abu gida. Idan na nuna na Saudiyya kaɗai, mai duba takardu zai ga mutumin da bai ajiye komai ba, alhali ba haka abin yake ba.

Dalilin tafiyar kuwa, 'yata ta fari ce ta kammala digiri na biyu a Leeds, za a yi bikin yaye su ranar Laraba 16 ga Yuli. Na yi niyyar tashi 12 ga wata in dawo 22, kwana goma ke nan, wurin aikina ma iya hutun da suka ba ni ke nan. Ban samu halartar bikin digirinta na farko ba saboda ya faɗo tsakiyar aikin Hajji, kuma har yau abin yana raina. Wannan karon ina so in kasance a wurin.

Ina roƙon takardar ta fito da Turanci, a kan takardar banki mai tambari, da hatimi da sa hannun jami'in da ke da izini, da sunansa da muƙaminsa a rubuce ƙasan sa hannun. A yi ta zuwa ga `UK Visas and Immigration`. A ambaci sunana, da irin kowane asusu da cikakkiyar lambarsa, da ranar da aka buɗe shi, da abin da ke ciki a ranar da aka rubuta takardar, naira daban, dala daban. In dokarku ta yarda, a ƙara da cewa asusun yana tafiya lafiya, ba a taɓa rufe shi ba kuma banki ba ya bin na bashi. Bayanin shige da fice kuma ya kama daga 1 ga Nuwamba 2024 zuwa ranar da za a buga shi, a buga hatimi a kowane shafi.

Akwai abu biyu da suka fi damuna, kuma su ne suka sa na rubuto maka kai tsaye maimakon in tura ƙanena ya cike fom.

Na farko batun suna ne. A fasfona an rubuta `MUHAMMAD`, a asusun kuma `MOHAMMED`, haka aka shigar da shi tun ranar buɗewa, ni ma ban kula ba sai da na jera takardun a gabana makon jiya. A wurinmu suna ɗaya ne, amma wanda zai duba yana iya cewa mutum biyu ne. Na haɗo hoton shafin fasfona da na iƙama da takardar NIN. Idan za a iya gyarawa daga nesa, a gaya mini fom ɗin da zan cike. Idan kuwa sai na zo da kaina, to ina roƙo a sa jimla ɗaya a cikin takardar da ke nuna cewa mai asusun shi ne mai wannan fasfo, da lambar fasfon da ranar haihuwa ta Miladiyya kamar yadda take a rajistarku.

Na biyu, ranar 18 ga Fabrairu naira miliyan tara da rabi sun shigo asusuna a tashi ɗaya. Kuɗin filina ne na Ɗanbare da na sayar, kuma takardar cinikin da sa hannun shaidu tana hannuna, zan haɗa ta da kaina. Na san masu biza ba sa son ganin kuɗi mai kauri ya faɗo asusu dab da lokacin nema, suna ɗauka aro aka yi don a kumbura lissafi. Ba na roƙon banki ya rantse a kan abin da bai gani ba. Abin da nake so kawai, layin ya fito da sunan wanda ya turo da bayanin da ya rubuta, kada a gutsure shi wajen bugawa. Kada kuma a ƙara ko kwabo a kan abin da ke ciki don a taimake ni. An sha ba ni shawarar in nemi wani ya zuba mini kuɗi na 'yan kwanaki, na ƙi, domin wanda aka kama da yaudara a takardun biza ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10.

Lokaci ya ɗan matse ni. Ranar Laraba 21 ga Mayu zan je Jidda a ɗauki hoton yatsuna, kuma ina so in ɗora takardun a intanet kafin ranar. Amsa takan ɗauki kamar mako uku, ga hutun Babbar Sallah zai ratso a farkon Yuni. Saboda haka ina fatan samun takardar zuwa Alhamis 15 ga Mayu. Ba na so kuma a rubuta ta da wuri sosai har kwanan watanta ya tsufa, tsakanin 12 da 15 ga wata ya yi daidai.

A turo mini kwafinta a PDF daga adireshin imel na banki zuwa imel ɗina da ke rajistarku. Ta asalin kuma na ba ƙanena Nasiru Abubakar izinin karɓa, zai zo da katin shaidarsa da kwafin wannan wasiƙa. Kuɗin aikin a cire daga asusun naira, na amince. Haka nan idan ofishin biza ya kira ko ya rubuto yana neman tabbaci, na yarda banki ya gaskata musu abin da ke cikin takardar, don haka a sa lambar waya da imel na reshe waɗanda ake amsawa.

Idan ana bukatar jin muryata kafin a fara, a kira ni a lambar Saudiyya da ke fayil ɗina. Muna gabanku da awa biyu, kuma daga ƙarfe goma na safe zuwa biyu na rana agogon Kano ina kusa da waya. Ranar Juma'a ba na aiki, kowane lokaci ya yi in ban da lokacin masallaci.

Na gode ƙwarai da kulawar da reshenku yake yi mini shekara goma sha huɗu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Naka da girmamawa,

Sani Abubakar Muhammad